Na ga ɗigo ya kauce a takardar kwangila, kuma wanda ya koya mini aiki ne ya shirya ta

Assalamu alaikum, Malam. Ni ƙaramin akawu ne a sashen kuɗi na wani kamfani, ko tabbatar da ni a aiki ba a yi ba tukuna. An ba ni fayil ɗin wata kwangilar gini in shirya takardar biyan zango na uku. Jimillar kwangilar 8,640,000.00 ce, za a biya a zango biyar: kashi 20 cikin ɗari, sai 30, sai 30, sai 15, sai 5. Ina dubawa sai na ga zango na biyu da aka riga aka biya 2,592,000.00 ne, amma a gaban na uku an rubuta 259,200.00, alhali dukkansu kashi 30 ne. Manajanmu da ɗan kwangilar duk sun sa hannu. Babban akawunmu ne ya shirya jadawalin, dattijo ne, shi ya koya mini aiki, muna ce masa Baba, kuma ya kusa ritaya. Wani abokin aikina ya ce in ja bakina in yi shiru tunda kamfani ne ya ci riba, in kuwa dole sai na yi magana, in wuce kai tsaye wurin manaja don a san da zamana. Ni kuma har na yi tunanin in gyara a kwamfuta ba tare da kowa ya sani ba. Saura kwana goma a biya. Na kasa barci. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, don abin da ka gani yana da gyara, kuma ka gan shi a lokacin da gyaran bai yi tsada ba, wato kafin kuɗi su fita. Shawarata a taƙaice ita ce ka yi magana, ka yi ta cikin kwana ɗaya ko biyu, ka fara da Baba, kuma ka je masa da lissafi a rubuce a hannunka. Amma kafin ka buɗe baki akwai aikin rabin awa da ya kamata ka yi kai kaɗai a teburinka, domin ƙaramin ma'aikaci idan ya zo da "ina jin kamar akwai kuskure" sai a sallame shi da murmushi, idan kuwa ya ajiye takarda mai layi uku na lissafi, dole a zauna a duba.

Ka ɗauko kalkuleta ka tara zangunan biyar yadda suke a rubuce, kada ka gyara komai. Na farko, wato kuɗin kafin alƙalami, in an rubuta shi daidai zai zama 1,728,000. Na biyu 2,592,000, na uku 259,200, na huɗu 1,296,000, na biyar kuma 432,000, wanda galibi shi ne kason da ake riƙewa har wa'adin gyare-gyare ya cika. Za ka samu 6,307,200. Ka cire wannan daga 8,640,000, giɓin da ya rage 2,332,800 ne. Jadawalin da zangunansa ba su kai jimillarsa ba ya riga ya ƙaryata kansa, ko ba wanda ya ce uffan.

Yanzu ga wata dabara da tsofaffin akawuna suka daɗe suna amfani da ita. Ka raba giɓin nan da tara. 2,332,800 idan aka raba da 9 zai ba ka 259,200 cif, wato ainihin adadin da ya tsaya maka a rai. Wannan ba dace ba ne. Idan ɗigo ya matsa gida ɗaya, adadi ya zama ɗaya bisa goma na yadda yake, abin da ya ɓace ninkin abin da ya rage ne sau tara. Da ɗigon ya matsa gida biyu, da 99 za ka raba ka samu adadin. Amfanin wannan gwaji a gare ka shi ne yana nuna cewa duk giɓin daga layi ɗaya ya fito, ba ƙananan kurakurai ba ne warwatse a wurare da yawa. Sai dai ka san iyakarsa. Giɓin da ke rabuwa da tara yakan fito kuma idan an juya lambobi biyu, kamar a rubuta 54 a maimakon 45, don haka rabuwa da tara kaɗai ba ta isa hujja ba. Abin da ya ƙarfafa taka hujjar shi ne amsar ta faɗo daidai a kan wani adadi da ke cikin jadawalin.

Gwaji na uku ya fi sauƙi. Ka tambayi kanka, ko kason ne aka yi kuskurensa, adadin kuɗin kuwa daidai yake? 259,200 kashi 3 ne cikin ɗari na jimillar. In da zango na uku kashi 3 ne, da kasonnin sun taru sun ba da 73, ba ɗari ba. Tunda da 30 suke cika ɗari, kason yana nan daidai, kuɗin ne ya kauce.

Ko da ka gama wannan kada ka yi saurin tashi. Ka bi fayil ɗin daga bango zuwa bango, domin akwai abu ɗaya da zai iya mayar da "kuskuren" ya zama gaskiya, wato wata takarda da aka yi bayan sa hannu. Wani lokaci akan rage aikin, ko a ba ɗan kwangila kayan gini a cire kuɗinsu daga wani zango, ko a ba shi wani kaso tun kafin lokacinsa. In an yi haka, za ka ga takardar sauyi ko wasiƙa da ta faɗa. Ni dai ban ga alama ba, don ragin da aka yi da niyya da wuya ya faɗo daidai a kan ɗaya bisa goma ba ƙari ba ragi, amma dubawar ba ta cin komai. Ka kuma tabbatar takardar da ke hannunka ita ce wadda aka sa wa hannu, ba wani tsohon kwafi ba. Sannan ka duba jikin kwangilar, ko an rubuta jimillar da kalmomi bayan lambobi, kuma ko akwai sakin layin da ya faɗi wace takarda ce ke gaba idan takardun suka saɓa wa juna. Yawancin kwangilolin gini suna da irin wannan sakin layi, kuma galibi ainihin yarjejeniyar ake fifitawa a kan jadawalin da aka liƙa a baya. A dokokin cek na ƙasashe da yawa ma, idan kalmomi da lambobi suka saɓa, kalmomi ake bi. Ka rubuta lambar shafin da ka ga kowanne.

Na san abin da ya fi damunka shi ne yadda mutum kamar Baba zai yi irin wannan kuskure, har manya biyu su sa hannu a kai. Ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya daɗe da takardun kuɗi. Ido ba ya karanta adadi har ƙarshe. Yana ganin 2, 5, 9, 2 a farkon layi, ya ga irinsu a layin sama, sai ya wuce. Masu sa hannu kuma jimillar ƙasa suke dubawa, in ta yi daidai da abin da aka yi ciniki sai su ɗora biro. A irin wannan jadawali kusan kullum za ka tarar jimillar da hannu aka buga ta, ba kwamfuta ce ta tara ba, shi ya sa ta zauna daram alhali layukan samanta ba su kai ta ba. Akwai kuma wata hanyar da ɗigo ke kaucewa, idan takarda ta ratsa kwamfutoci masu saiti daban. A Faransa da Jamus, misali, waƙafi ake sawa a inda mu muke sa ɗigo, ɗigo ko fili kuma a inda muke raba dubbai, sai adadi ya sauya kama a wurin kwafa. Ko ma ta wace hanya ya zo, wannan kuskuren yatsa ne, kuma tsarin da ya bar takarda ta fita ba tare da mutum na biyu ya sake tarawa ba yana da nasa kaso na laifin. Ka riƙe wannan a ranka, zai taimake ka lokacin da za ka zauna da dattijon.

Sai maganar abokin aikinka, cewa kamfani ne ya ci riba. Babu wata riba a nan. Kamfaninku ya sa hannu a kan jimillar 8,640,000, kuma ɗigo bai goge wannan alkawari ba. Ɗan kwangilar ya san nawa yake jira, da shi ya yi lissafin biyan leburori da masu kawo masa kaya. Ranar da ya ga 259,200 sun shigo a maimakon 2,592,000, kafin la'asar zai iso ofishinku, kuma tambayar farko da za a yi ita ce wa ya shirya takardar biyan. Sunanka ne zai kasance a kanta. Daga nan sai a shiga abin da kwangilar ta tanada game da jinkirin biya, wanda a kwangiloli da yawa ya haɗa da ƙarin kuɗi a kan abin da aka jinkirta, har da ba ɗan kwangila damar dakatar da aiki bayan ya ba da sanarwa.

Akwai ma haɗarin da ya fi wannan kusa, wanda abokin naka bai hango ba. Idan daga wannan jadawali aka ɗauki lambobi aka shirya kasafin fitar kuɗi na watan, to 259,200 kawai aka ware. Ma'ana kamfaninku yana da bashin 2,332,800 da zai faɗo masa nan da kwana goma, kuma babu wanda ya tanade shi. Manaja da aka gaya wa yau yana da lokacin da zai juya kuɗi ko ya yi magana da banki. Wanda ya ji a ranar biya ba shi da wannan lokaci. Don haka shirun da aka ce maka alheri ne ga kamfani, shi ne zai fi cutar da kamfanin.

A fagen shari'a ma wanda ya san kuskure ne ya nemi cin moriyarsa ba kasafai yake shan daɗi ba. A Amurka an taɓa buga bashin jinginar jiragen ruwa na dala 92,885,000 a matsayin dala 92,885.00 a wata takarda ta kamfanin inshora na Prudential, wanda shi ke bin bashin. Wani mai bin bashi na daban, wanda ya san ainihin adadin, ya nemi a tsaya a kan ƙaramin, amma a 1989 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi, ta bar wa Prudential cikakken haƙƙinsa. Amma kada ka ɗauka kullum haka ake wanyewa lafiya. A 1999 wani babban jami'in kamfanin ƙera jirage na Lockheed Martin ya bayyana cewa waƙafi ɗaya da ya kauce a lissafin daidaita farashi na wata kwangila ya jawo musu asarar dala miliyan 70, don mai sayen ya tsaya a kan abin da aka rubuta. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma wannan fagen lauyan kamfaninku ne. Abin da ya shafe ka shi ne, daga ranar da ka gani, kamfaninku ya tashi daga wanda bai sani ba ya koma wanda wani ma'aikacinsa ya sani ya yi shiru. Ga kuma haƙƙin mutumin da ya yi aiki da guminsa, wanda na tabbata shi ne rabin abin da ya hana ka barci.

Tunanin da ka yi na gyarawa a ɓoye na fahimci daga inda ya fito, so kake ka rufa wa Baba asiri. Amma a cikin duk hanyoyin da ke gabanka ita ce mafi haɗari, kuma ina roƙonka ka bar ta. Takardar da ɓangare biyu suka sa wa hannu ba ta gyaruwa da hannun mutum ɗaya, ko da gyaran gaskiya ne. In ka sauya lambar a kwamfuta, kwafin da ke hannun ɗan kwangila da wanda ke cikin fayil za su ci gaba da cewa 259,200, kai kuma ka shirya takardar biyan 2,592,000 ba tare da wata hujja a rubuce ba. Ka tsaya ka kalli abin da idon mai binciken kuɗi: ƙaramin akawu da ba a tabbatar ba ya ninka kuɗin ɗan kwangila sau goma, shi kaɗai, ba da sanin kowa ba, kuma manhajar ta ajiye sunansa da lokacin da ya shiga. Ba wanda zai fara da tunanin cewa taimako ka yi. Haka nan kada ka sa biro ko farin ruwan goge rubutu a kan takardar asali, ko da ɗan alama ne a gefe. Lissafinka ka yi shi a wata takarda daban.

To, yaya za ka tunkari Baba? Ka nemi lokacin da yake shi kaɗai, da safe kafin ofis ya cika ko bayan an watse, kada ka yi a gaban kowa. Ka shiga da fayil ɗin da takardar lissafinka, ka gaishe shi yadda ka saba, sannan ka ce masa wani abu kamar haka: "Baba, ina shirya biyan zango na uku ne, na tara zangunan sai na ga ba su kai jimilla ba. Na raba giɓin da tara, sai ya ba ni adadin layi na uku. Don Allah a duba mini, ko akwai wata takarda da ban gani ba." Ka ajiye takardar a gabansa ka yi shiru. Kada ka ce "kun yi kuskure", kada kuma ka cika shi da ban haƙuri kamar kai ne ka yi laifi. Mutumin da ya shekara yana wannan aiki zai gane cikin minti ɗaya, kuma ka bar masa ƙofar da zai faɗa da bakinsa. Tambayar da ka rufe da ita ma ta gaskiya ce, don mai yiwuwa ya san wani abu da ba ya cikin fayil.

Dalilin da ya sa na ce shi za ka fara samu ya wuce kunya da girmamawa, ko da yake su ma suna da muhimmanci. Shi ne shugabanka na kai tsaye, ta hannunsa aikinka ke bi, kuma shi ya fi kowa sanin inda asalin lissafin yake. Idan shi ya ɗauki takardar ya kai wa manaja ya ce "mun gano kuskure kafin biya", mutuncinsa ya tsira, kuma abin da za a tuna shi ne sashensa ya kama kuskurensa da kansa. Idan kuwa ka tsallake shi, manaja zai kira shi a gabanka ya tambaye shi abin da bai shirya amsawa ba, dattijo mai shirin ritaya ya sha kunya a hannun yaron da ya raina. Wataƙila a yaba maka a ranar, amma duk ofishin zai lura da yadda ka yi, kuma manajan kansa zai ajiye a ransa cewa kai mai tsallake na gaba ne. Sanin zamanka da abokinka ke faɗa zai zo ta wata hanya, don manaja mai hankali zai tambayi wa ya gano.

Bayan kun yi magana, ko ya karɓa da hannu biyu, ka bi ta da ɗan gajeren rubutu a ranar, imel ko takardar cikin gida, yadda kuka saba. Layi huɗu sun isa: sunan kwangilar da lambarta, cewa zangunan sun taru 6,307,200 alhali jimilla 8,640,000 ce, cewa kashi 30 na jimillar 2,592,000 ne amma layi na uku ya nuna 259,200, sannan cewa ka dakata da shirya takardar biya har sai an ba ka umarni. Kada ka sa sunan wanda ya shirya jadawalin, kada ka sa kalmar laifi ko sakaci. Ka gaya wa Baba tun a zaune cewa za ka turo, ka ce don fayil ya nuna dalilin da biyan ya tsaya, don kada ya ji kamar tarko ka ɗana masa. Rubutun nan kariya ne gare ku duka biyu.

Zai yi kyau ka san yadda gyaran kirki yake, don ka gane in an bi hanya ko an kauce. Manaja, tare da lauyan kamfani in akwai, zai rubuta wa ɗan kwangila ya sanar da shi. Sai a yi takardar gyara wadda ta ambaci kwangilar da ranarta, ta faɗi layin da aka gyara, tsohon adadi da sabo, da lambobi da kalmomi, ta kuma ce sauran sharuɗɗa suna nan yadda suke. Waɗanda suka sa hannu a kwangilar, ko masu iko irin nasu, su za su sa hannu a wannan. A wasu wuraren akan ja layi ɗaya a kan tsohon adadin, a rubuta sabon a samansa, ɓangarorin biyu su sa gajeren hannu da kwanan wata a gefe, a kowane kwafi. Ga giɓi mai girman wannan, takarda daban ta fi kwanciyar hankali. Sai bayan an yi haka za a sauya adadin a manhajar kuɗi, da izinin wanda ke da ikon amincewa, a liƙa kwafin gyaran a bayan takardar biya. A nan akwai abin da kai za ka iya tunatarwa, kuma za a ji daɗinsa: duk abin da aka lissafa daga tsohon adadin sai an sake shi, kamar harajin da ake cirewa kafin biya da kasafin watan. In kwana goman ba za su isa a gama ba, manaja ya kira ɗan kwangilar tun da wuri su daidaita rana. Wannan kiran nasa ne. Kai kada ka kira ɗan kwangila, kada ka yi masa raɗa, ko da tausayinsa kake ji, don ma'aikacin kuɗi da ke magana da ɗan kwangila a bayan fage ya buɗe wa kansa ƙofar zargi.

Akwai yiwuwar Baba ya tsorata ya ce ka bari zai duba, kwana biyu su wuce shiru. Kada ka ɗauke shi mugu, tsoro ne irin na mai gudun a ce tsufa ya kama shi. Ka koma da ladabi ka ce, "Baba, ranar biya tana matsowa, kuma ni ba zan iya sa hannu a takardar da na san adadinta bai yi daidai ba. Ko mu shiga wurin manaja tare?" Sau da yawa wannan "tare" ita ce abin da mutum yake jira. In ya ce a biya ƙaramin adadin a ga ko ɗan kwangila zai lura, ko ya ce ka gyara a kwamfuta kawai, ka ce masa a'a cikin girmamawa, ka kuma sanar da shi cewa za ka kai maganar gaba. Ka ba shi zuwa washegari, sannan ka je wurin manaja ko mai binciken kuɗi na cikin gida da rubutunka na farko. A lokacin ba ka tsallake kowa ba, ka bi ta ƙofa an ƙi buɗewa. Ka tsara kwanakinka yadda maganar za ta isa ga manaja da sauran aƙalla kwana biyar kafin ranar biya.

Ban ga alamar zamba a abin da ka ba ni labari ba, kuma ba na son ka shiga wurin dattijon da zargi a zuciya. Mai son satar kuɗi ba ya rage abin da za a biya a takardar da ɗan kwangila zai karanta. Abin da zai sa ka sake tunani shi ne idan ka tarar da kwafi biyu masu sa hannu da adadi daban-daban, ko aka ce ka shirya biyan ragowar 2,332,800 zuwa wani asusu da ba na ɗan kwangilar ba, ko aka hana ka rubuta komai. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, maganar ta wuce Baba, sai mai binciken kuɗi ko wanda ke sama da manaja. Ko a wannan hali kada ka ɗauki hoton takardun a wayarka ka tura wa abokai, kada ka fita da fayil daga ofis. Kwangila sirrin kamfani ce, kuma fitar da ita laifi ne da zai iya rufe gaskiyar da kake da ita. Abokin aikin naka ma ya isa haka, kada ka ƙara tattauna maganar da shi, don ba ka so Baba ya fara jin ta a bakin wani.

Game da tabbatar da kai a aiki, ba zan yi maka alkawarin da ba nawa ba. Akwai shugabannin da ba sa son a nuna musu sun sa hannu ba su karanta ba, kuma mai yiwuwa manaja ya ɗan ɗaure fuska na kwana biyu, don shi ma kunya ce ta kama shi. Amma ka auna da ɗaya gefen. In ka yi shiru aka biya ƙaramin adadin, abin zai fito ko ta yaya, kuma za a ce ko dai ba ka duba ba, ko ka duba ka ɓoye. Duka biyun sun fi ɗaure fuskar kwana biyu muni ga mai jiran a tabbatar da shi. An ɗauki akawu ne don ya tara, ya gwada, ya tsayar da takardar da ba ta yi daidai ba, kuma abin da ka yi ke nan.

Idan ƙura ta lafa, bayan mako ɗaya ko biyu, ka kawo wa Baba wata 'yar shawara, ka bar shi ya gabatar da ita in ya so. A daina buga kuɗin zango da hannu, kwamfuta ta fitar da shi daga kaso da jimilla, a kuma ƙara layin gwaji a ƙasa wanda dole ya nuna sifiri kafin a buga takarda. In a manhajar lissafi irin Excel jimillar kwangila tana gidan B1, kasonni a C4 zuwa C8 an shigar da su da alamar %, kuɗin zangunan kuma a D4 zuwa D8, ga abin da za a sa a D4 a ja shi ƙasa, sai kuma layin gwajin:

```
=C4*$B$1
=SUM(D4:D8)-$B$1
```

A kuma rubuta kowane zango da kalmomi a gefen lambobinsa, domin "dubu ɗari biyu da hamsin da tara da ɗari biyu" ba ya kama da "miliyan biyu da dubu ɗari biyar da casa'in da biyu" a ido ko a kunne, yadda lambobinsu suke kama da juna.

Gobe da safe ka yi tarawarka, ka bi fayil ɗin, ka rubuta layukanka a takarda mai tsabta, ka shiga wurin Baba kafin ofis ya cika. Allah Ya ba ka sa'a, Ya sa ya karɓa da kyakkyawar fahimta. In abin ya ɗauki wata hanya daban, ka sake rubuto mini.